Habibati, habibti ko galbi? Muhawara kan kalmomin ƙauna a Larabcin Masar, na Halij da Fus'ha

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Masu Larabci ku duba mini wannan kafin in rubuta a katin da zan haɗa da kyautar uwargida: "Ya habibati, wahashtini, ana ahibbik awi ya kalbi." Daidai ne ko akwai gyara?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Auwalu, tsaya tukuna, kada ka rubuta. Kalmar ƙarshe ita ce babbar matsala. Zuciya da harafin ق take, kare kuma da ك. Idan ka ce "ya kalbi" da k ɗinmu ta yau da kullum, Balarabe "ya karena" zai ji. Mu Hausawa muna yawan faɗawa nan domin bakinmu yana mayar da ق zuwa k. Mafita uku ce: ka furta ta daga can ƙarshen ganɗa yadda ake karatun Alƙur'ani, ko ka ce "albi" kamar mutanen Alƙahira da suke mayar da harafin hamza, ko "galbi" kamar mutanen Halij, wato ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Biyun ƙarshe sun fi sauƙi a bakin Bahaushe, kuma babu mai jin kare a cikinsu.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi ta farko. Ta biyu, layin nan guda ɗaya yaruka uku ne a cikinsa. "Habibati" Fus'ha ce, Larabcin littafi. "Wahashtini" da "awi" na Masar ne. "Ahibbik" kuma na Halij ne, sannan a can namiji ake faɗa wa haka. Wato ka fara da mace ka ƙare da namiji. Kafin a gyara sai ka zaɓi ɗaya, Malam Auwalu, domin kowanne da irin jin da yake bayarwa.

Sadiya: Ni dai abin da na sani, "ak" na namiji ne, "ik" na mace, a duk Larabcin gida. To ai "ahibbik" daidai ne ga mace ke nan. Ina kuskuren?

Yaya Tijjani: Sadiya, ƙa'idarki gaskiya ce a Masar da Sham da biranen Hijaz, amma ba ta tsallaka zuwa Kuwait. Bari in jera yadda suke. A Alƙahira namiji ana ce masa "bahibbak", mace "bahibbik". A Kuwait da Bahrain da Ƙatar da yawancin Imarat namiji ana ce masa "ahibbik", mace kuwa "ahibbic", da c ɗinmu ta "ciki". A Najd, tsakiyar Saudiyya, tsohon furucin ga mace "ahibbits" ne ko "ahibbis". A kudancin Saudiyya da Yaman da sassan Oman "ahibbish" za ki ji. Don haka "ik" ɗin da take ta mace a bakin Bamisire ita ce ta namiji a bakin Bakuwaite. Duk wanda ya koyi Larabci a fina-finan Masar sannan ya je aiki Halij, nan yake fara tuntuɓe.

Akwai kuma "ba" ɗin farko. A Masar ita ce take nuna abu yana gudana yanzu kuma ya zama ɗabi'a, shi ya sa "bahibbik" take nufin ina sonki. A Halij "b" a gaban aikatau niyya ce ko abin da zai zo: "baruh" zan tafi. Ba wai mutanen Halij ba za su gane "bahibbik" ba, sun gane sarai domin da waƙoƙin Masar suka tashi. Amma kunnensu yana jin ta a matsayin aro, maganar waƙa ko wasa, ba maganar ɗaki ba.

Malam Habu: Wannan bambancin na c da sh ba sabon abu ba ne. Sibawaihi, tsohon malamin nahawun Larabci, ya ambata cewa mutane da yawa daga Tamim da Asad suna sa "sh" a wurin kaf ta mace. Dalilinsa kuwa a fili yake. A Fus'ha "uhibbuka" namiji, "uhibbuki" mace, bambancin wasali ɗaya ne a ƙarshe. Da zarar ka yi waƙafi wasalin ya faɗi, duka biyun sun koma "uhibbuk". Kowace al'umma sai ta nemi dabarar da za ta ceci bambancin. Wasu suka dawo da wasalin ciki, kafin kaf, suka sami "ak" da "ik". Wasu suka sauya harafin kansa.

Kuskuren rubutu da nake yawan gani: a Fus'ha ana ƙara ya a ƙarshe ana rubuta أحبكي don a nuna mace. Ba daidai ba ne. Kasra ake sa wa kaf, أحبكِ, shi ke nan.

Maman Hanan: Gafarta Malam, a Fus'ha haka ne, amma kada masu karatu su ɗauka ya ɗin haramun ce ko'ina. A rubutun Misirawa bayan dogon wasali tana fitowa: "fiki", "liki", "aleki". Misali "bamut fiki", ina mutuwar sonki, ana rubuta ta بموت فيكي kuma babu wanda zai ce an yi kuskure. Amma بحبك haka take ga namiji da mace, mai karatu ne yake sa wasalin.

Yaya Tijjani: Mutanen Kuwait da Imarat kuwa c ɗin nan da ج suke rubuta ta a waya: أحبج. Bamisire da yake karanta ج a matsayin g sai ya ga "ahibbig". Shi ya sa nake ba da shawara, idan wadda za ka rubuta wa ba ta saba da rubutun Halij ba, kada ka sa wannan harafin, za ta tsaya tana sassaƙa kalmar maimakon ta ji daɗinta.

Auwalu: To na gane. Ku ba ni layin a tsabtace, kowane yare daban, in zaɓa.

Malam Habu: Na Fus'ha: "Ya habibata ƙalbi, ishtaƙtu ilaiki, wa uhibbuki hubban jamman." Ka lura da "habibata", da fataha, ba "habibatu" ba, domin wanda ake kira idan an jingina shi ga wata kalma fataha yake ɗauka. Haka "ya nura aini", haka "ya ƙurrata aini". Mutane suna sa rufu'a a nan su ɓata kyan jimlar.

Maman Hanan: Na Masar: "Wahshani ya habibti, bahibbik awi ya albi." Da gangan na cire "wahashtini". Ga namiji da mace kusan furuci ɗaya ne, tsawon wasali kaɗai ya raba su: na namiji gajere, وحشتني, na mace dogo, وحشتيني. A rubutun boko ba a ganin bambancin. "Wahshani" kuwa ta mace ce tsantsa, ta namiji "wahishni". Sannan "habibti" gaɓa uku ce, ba huɗu ba. Da zarar ka ce "habibati" a tsakiyar maganar Masar, kamar ka sa babbar riga ne a kan kayan ƙwallo.

Wani abu game da ginin kalmar: a "wahshani" ita ce mai aikin, kai ne aka yi wa. Ke kika bar ni cikin kewa. A "ishtaƙtu ilaiki" kai ne mai aikin, ni na yi begenki. Shi ya sa ta Masar take zuwa da ɗan zargi mai daɗi, ita kuwa ta Fus'ha bayani ne kake yi game da halin da kake ciki. Amsarta "winta kaman", kai ma haka, ko "winta aktar", kai ka fi.

Yaya Tijjani: Na Kuwait: "Walaht alec ya ba'ad galbi, ahibbic wayid." Idan Saudiyya kake so ka kwaikwaya sai "ishtagt lik" ko "wahashtini" su ma suna faɗa, sannan "marra" ta maye gurbin "wayid", duka biyun sosai suke nufi, kamar "awi" ta Masar. Amsar da na fi so a can ita ce "tishtag lik il-afya", lafiya ta yi begenka. Ka ce ka yi kewar mutum, shi kuma ya mayar maka da addu'a.

Kuma nan ne, a ganina, ainihin bambancin yake, ya wuce g da hamza. Bamisire idan zai nuna ƙauna yawanci siffanta ki yake yi: "ya amar" wata, "ya asal" zuma, "ya sukkar", "ya gamil". Maganar tana da sauƙi, tana zuwa da murmushi, ana iya faɗinta sau goma a wuni. Mutumin Halij kuwa fansa da addu'a ya fi yi. "Fidetic", na zama fansarki. "Ja'alni gablic", Allah ya sa in riga ki. "Asani ma anhirim minnic", kada Allah ya raba ni da ke. "La khala wala adam", kada a rasa ki. A Imarat har "fidet khashmik" suke cewa, na fanshi hancinka, domin hanci wurin girma ne a wajensu, da shi maza suke gaisawa. Duk maganganun nan mutuwa da rabuwa suna laɓe a bayansu, shi ya sa suke da nauyi ko da an faɗe su da wasa.

Maman Hanan: Yaya Tijjani, rabon nan naka ya yi tsauri. Misirawa ma suna da masu nauyi: "ya ruhi", "ya umri", "ya hayati", "ya nur eni", ga "bamut fik" da mutuwa a cikinta ƙarara. Uwa tana ce wa ɗanta "ya danaya", da ض, kuma babu wasa a ciki ko kaɗan. Haka mutanen Halij suna cewa "ya gumar" da "ya zen". Abin da zan yarda da shi kawai shi ne "fidetik" a matsayin maganar kullum ta Halij ce, ba za ka ji ta a titin Alƙahira ba.

Yaya Tijjani: Ban ce babu ba Hajiya, rinjaye nake magana. "Ya ruhi" da "ya umri" da "ya hayati" na kowa ne, daga Masar har Maskat. Idan kina son gane yare sai ki duba abin da ya keɓanta da shi, ba abin da suka yi tarayya ba.

Alhaji Idi: Ni fa ina ganin duk wannan "fidetik" ɗin bai dace ba. Mutum ya ce ya ba da ransa fansa ga wani ɗan Adam? Gara a tsaya a Larabcin Alƙur'ani, a bar na kasuwa.

Malam Habu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai wannan salon daga tsohon Larabci ya fito, ba daga kasuwa ba. A Sahihul Bukhari Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ranar Uhudu "irmi, fidaka abi wa ummi". Sahabbai kuma suna cewa "ja'alaniyallahu fida'aka". "Fidetik" ita ce "fadaituka" bayan wasula sun sauya. Tambayar Auwalu ma ba ta hukunci ba ce, ta kati ce ga iyalinsa.

Tunda Alhaji ya kawo Larabcin Alƙur'ani, bari in ce wani abu kan yadda Fus'ha take sauka a kunnen Balarabe, domin ya bambanta da yadda take sauka a namu. Mu da Fus'ha muka fara, a allo da Islamiyya, don haka "uhibbuki" a wurinmu ita ce Larabci. Balarabe kuwa ba da ita uwarsa ta yi masa rarrashi ba. Yana jin ta a huɗuba, a labaran talabijin, a aji, a wasannin tarihi da zane-zanen yara da aka fassara. Idan miji ya dubi matarsa a ɗakin girki ya ce "uhibbuki ya habibati", mai yiwuwa ta yi dariya ta tambaye shi wane wasan tarihi ya kalla. Amma jimlar nan ɗaya idan aka rubuta ta da hannu a kati, ko a baitin waƙa, sai ta zama ta fi kowacce daraja, domin tana nuna an zauna an yi tunani. A baki tana nisanta, a takarda tana ɗaukaka.

Sai dai a kiyayi "azizi" da "azizati". Littattafan koyon Larabci suna fassara su da masoyi, amma da su banki da kamfanin waya suke buɗe saƙo: "azizi al-amil". Ka rubuta wa matarka "azizati" bayan kun saba da "habibti", za ta ɗauka fushi kake.

Sadiya: To "ƙurratu aini" fa? Na ga amare suna sa wa angwaye a waya.

Malam Habu: Tana halatta, kuma kyakkyawa ce. A Suratul Furƙan aya ta 74 an haɗa matan aure da zuriya a cikin "ƙurrata a'ayun". A Suratul Ƙasas aya ta 9 matar Fir'auna ta faɗe ta game da jariri Musa. Amma a amfanin yau ta fi karkata ga 'ya'ya. "Filzatu kabidi", yankin hantata, ita kuwa ta 'ya'ya ce kawai, kada a sa wa miji.

Yaya Tijjani: Hantar nan tana raye a Kuwait: "ya ba'ad cabdi", k ta koma c. Ana faɗa wa yaro, ana faɗa wa masoyi, ƙawaye ma suna faɗa wa juna.

Auwalu: Wai "ba'ad" ɗin me take nufi? Ni na san ta da bayan. Bayan zuciyata? Ai kamar an mayar da mutum na biyu.

Yaya Tijjani: Yadda na fahimce ta, addu'ar fansa ce da aka gajarce: ka wanzu bayan zuciyata, wato ta tafi kai ka saura. Hujjata ita ce maganar mutanen Ha'il da ke arewacin Saudiyya, "ya ba'ad hayyi", wadda suke cikawa da "wa mayti", bayan rayayyuna da matattuna. Babu yadda za a karanta wannan da ma'anar jeri.

Malam Habu: A ta Ha'il na yarda da kai. A "ba'ad galbi" kuwa akwai masu fassara ta da cewa kai ne madadin zuciyata, mai zama a gurbinta. Ma'anonin biyu suna kusa, amma ba ɗaya ba ne, kuma su kansu masu yaren ba su haɗu a kan fassara guda ba.

Usman Mai Wurno: Mu nan Sudan "galbi" muke cewa kamar Halij, amma sauran abubuwa da yawa sun fi kusa da Masar, "ak" ga namiji da "ik" ga mace. Mutanen kudancin Masar ma, Sa'idawa, "galbi" suke cewa. Don haka kada a ji g kawai a ce mutum ɗan Halij ne. A duba ƙarshen kalmar.

Maman Hanan: Gaskiya ne Usman, hamzar nan ta Alƙahira ce da biranen arewa. Bari in ƙara gargaɗi uku ga masu ɗaukar kalmomi daga fim ba tare da ganin fuskar mai faɗa ba.

"Ya eni" a Masar sau da yawa tausayi ne, ba soyayya ba. "Ya eni aleh" kamar mu ce Allah sarki, bawan Allah. Idan yabon ido kake nufi ka cika ta, "ya nur eni". A Halij kuwa "ya uyuni" ƙauna ce kai tsaye.

"Ya ruhi" kalma ce mai taushi, amma "ya ruh ummak" zagi ne da neman faɗa, ana cewa kai ɗan lelen uwa ne. Kada kowa ya gina ta da kansa yana zaton yabo yake.

Sai "habibi" kanta. A Masar mai shago yana faɗa wa mai saye, direba yana faɗa wa direba, kuma idan aka ja ta da murya mai sanyi, "la ya habibi", gargaɗi ne cewa haƙuri ya kusa ƙarewa. Tsakanin maza biyu ba ta da wata ma'ana sai zumunci. Mace ga mace "habibti" haka take. Abin da ba a yi shi ne namiji ya ce wa macen da ba muharramarsa ba "habibti" ko "ya amar", wannan kwarkwasa ce ko cin fuska. A nan "ya madam", "ya ustaza" ko "hadritik" ake cewa.

Yaya Tijjani: A Halij iyakar ta fi tsauri. Baƙuwar mace "ikhti" ce, dattijuwa "khalti" ko "yumma". Namijin da kake girmamawa "il-ghali" ko "tal umrak", ko ka kira shi da alkunya, "bu fulan". "Fidetic" ga macen da ba taka ba na iya jawo maka magana babba a wurin aiki. Masu zuwa aikatau su riƙe wannan.

Sadiya: Na ji wani uba Balarabe yana kiran 'yarsa "ya baba". Na zaci kuskure ya yi.

Maman Hanan: Ba kuskure ba ne. Iyaye suna kiran yaro da sunan da yaron yake kiransu: uwa ta ce wa ɗanta namiji "ya mama", uba ya ce wa 'yarsa "ya baba". A Halij "yumma" da "yuba". Haka kuma a waƙa da kwarkwasa Misirawa suna kiran mace da siffar namiji, "ya gamil" maimakon "ya gamila", kuma ta fi taushi a kunnensu. Amma wannan a kalmar kira ce kawai, ba ta ba ka izinin ce mata "bahibbak" ba.

Auwalu, idan kana son katin ya yi ɗumi fiye da duk waɗannan, sunan shagwaɓa ya fi "habibti" aiki, domin nata ne ita kaɗai. A Halij akwai awon da suke yawan bi, a ninka harafin tsakiya a sa dogon u: Fatima ta zama Fattum, Abdullahi Abbud, Muhammad Hammud. A Masar gaɓa ake maimaitawa ko a sauya sunan gaba ɗaya: Zainab Zuzu, Fatima Batta, Muhammad Hamada.

Malam Habu: Fus'ha ma tana da nata, yanke ƙarshen suna wajen kira. A Bukhari Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira Nana A'isha "ya A'ish".

Auwalu: Allah ya saka da alheri. Ita a Islamiyya ta yi Larabcinta, ba ta kallon fina-finan Masar. Ina ganin na Malam Habu zan ɗauka. Amma "hubban jamman" ɗin bai yi tsauri ba?

Malam Habu: Idan ya yi maka nauyi ka ce "uhibbuki kasiran", da ث. Ka rubuta da harafin Larabci, ka sa kasra a kan kaf ɗin "ilaiki" da na "uhibbuki", sannan ka tabbata ɗigo biyu suna kan ق ɗin "ƙalbi".

Yaya Tijjani: Ni da zan zaɓa masa da "ya ba'ad galbi" zan bari a ciki ko da sauran Fus'ha ne. Mawaƙan Halij suna cakuɗa irin wannan kuma yana daɗi.

Maman Hanan: Su sun san abin da suke cakuɗawa, kuma mai sauraronsu ya san duka biyun. Ita za ta karanta "bayan zuciyata" ta yi irin tambayar da mijinta ya yi ɗazu. Auwalu, ka turo hoton rubutun kafin ka sa a ambulan mu duba maka wasulan.